Ramin da ya kauce amma bai lalace ba: yadda ake karanta alamar Ⓜ a zanen injiniya da lissafin garabasarta

Duk wanda ya taɓa tsayawa a gaban mai gyaran waya ko kwamfuta ya ga yadda ake kwance ƙananan notuna, a ɗaga faifan ƙarfe, a sa wani sabo, sannan notunan su koma ramukansu ba tare da an yi ƙarfa-ƙarfa ba. Wata masana'anta ce ta yi faifan, wata daban ta yi jikin na'urar, notin kuma daga wata ta uku ya fito. Babu ramin da aka huda daidai cif a inda aka zana shi, domin babu injin da ba ya ɗan kaucewa. Abin da ya sa kayan ke haɗuwa duk da haka shi ne an riga an rubuta a kan zane iya kaucewar da aka yarda da ita.

Tsarin rubuta wannan umarni shi ake kira GD&T. A Amurka ƙa'idar ASME Y14.5 ce ke bayaninsa, wadda aka sabunta a 1994 da 2009 da 2018. A tsarin ƙasa da ƙasa kuwa akwai ISO 1101, sai ISO 2692 da ta keɓanta da alamar da wannan darasi ya ƙunsa. Alamar ita ce harafin M a cikin da'ira, wato Ⓜ. Idan ta bayyana, sassaucin da aka ba rami ba lamba ɗaya ba ce tsayayya: yana ƙaruwa gwargwadon yadda ramin ya buɗe. Wanda bai san haka ba zai zubar da kaya masu kyau cikin shara. Wanda ya sani amma ya yi lissafin ba daidai ba zai tura wa mai saye kayan da noti ba zai shiga ba.

## Misalin da za a bi

A ɗauki wani ɗan faifan alminiyam da ake ɗaurewa a cikin na'ura da notuna huɗu na M2, wato notin da kaurinsa milimita 2 ne, irin wanda ake yawan gani a cikin kwamfutar tafi-da-gidanka. Notunan cikin waya sun fi haka ƙanƙanta, amma lissafin ɗaya ne. A kan zanen faifan, kusa da ramukan, an rubuta layuka biyu:

```
4X Ø2.40 – 2.50
| ⌖ | Ø0.20 Ⓜ | A | B | C |
```

Layin farko yana magana ne kan girma. Ramuka huɗu ne, kuma faɗin kowannensu, wato dayamita, dole ya kasance tsakanin milimita 2.40 da 2.50. Alamar Ø ita ce ke nuna dayamita.

Layi na biyu akwati ne mai ɗakuna, ana karanta shi daga hagu zuwa dama. Ɗakin farko yana ɗauke da ⌖, alamar matsayi, wadda ke cewa umarnin ya shafi inda ramin yake. Ɗaki na biyu yana ɗauke da yawan sassaucin, 0.20, tare da Ø a gabansa da Ⓜ a bayansa. Sauran ɗakuna uku haruffa ne na madogara, wato sassan faifan da ake fara awo daga gare su. A wannan misali A ita ce shimfiɗaɗɗiyar fuskar faifan da ke kwanciya a kan jikin na'ura, B dogon gefe ne, C kuma gajeren gefe. Jerinsu yana da ma'ana: a fara kwantar da faifan a kan A, a jingina shi da B, sannan a tura shi ya taɓa C. Idan aka sauya jerin, sakamakon awo yana iya sauyawa.

Akwai kuma wasu lambobi a zanen da aka kewaye kowace da ɗan akwati. Su ne ke nuna ainihin matsayin ramin, inda tsakiyarsa za ta kasance da a ce injin ba ya kuskure ko kaɗan. Ga ramin farko, milimita 10 ne daga C, milimita 6 daga B. Waɗannan lambobin ba su da ƙari ko ragi a tare da su. Duk sassaucin yana cikin wancan akwati mai ɗakuna.

## Me Ø0.20 yake nufi?

A ƙiyasta wani siririn bututu mai faɗin milimita 0.20, yana tsaye cak a kan fuskar A, tsakiyarsa tana kan ainihin matsayi, tsawonsa kuma ya kai kaurin faifan. Wannan shi ne yankin sassauci. Layin tsakiyar ramin da aka huda dole ya kasance a cikin bututun tun daga sama har ƙasa. Yana iya gusawa hagu ko dama, yana iya ɗan karkacewa, muddin bai fita ba.

Abu ɗaya ya kamata a riƙe tun daga nan: 0.20 faɗin bututun ne gaba ɗaya. Daga tsakiyarsa zuwa bangonsa rabin haka ne, wato 0.10. Saboda haka ramin da aka ba Ø0.20 milimita 0.10 kawai zai iya nisa daga ainihin matsayinsa ta kowace fuska. Mantawa da wannan shi ne kuskuren da ya fi yawa, kuma za a ga illarsa nan gaba.

## Lokacin da ƙarfe ya fi yawa

Alamar Ⓜ tana nufin yanayin da sashen ya fi ɗaukar ƙarfe, ko roba, ko duk abin da aka yi shi da shi. A takaice ana rubuta shi MMC. Tambayar da ake yi ita ce: a cikin girman da aka halatta, wanne ne ke barin ƙarfe mafi yawa a jikin kayan?

Ga rami, amsar ita ce mafi ƙanƙanta. Ramin 2.40 ya cire ƙarfe kaɗan, ramin 2.50 ya cire da yawa. Don haka MMC na wannan rami 2.40 ne. Ga abin da ya fito waje kuwa, kamar turke ko sanda, amsar ita ce mafi kauri. Wannan juyi yana rikita masu koyo, domin kalmar “mafi yawa” tana jan hankali zuwa babbar lamba. Hanyar tunawa mai sauƙi ita ce a yi tunanin nauyi: girman da ya sa kayan suka fi nauyi, shi ne MMC.

MMC shi ne yanayi mafi wahalar haɗuwa. Ƙaramin rami da noti mai kauri ba su bar sarari da yawa ba. Abin da akwatin ke cewa ke nan: 0.20 shi ne sassaucin idan ramin yana a mafi ƙanƙantarsa. Idan ramin ya fito ya fi haka faɗi, an sami ƙarin sarari a kewayen notin, kuma an yarda a yi amfani da wannan sarari wajen ƙara wa ramin damar kaucewa. Wannan ƙarin shi ne garabasa. A rahoton wasu injinan awo ana ganinsa a ƙarƙashin sunan `BONUS`.

Lissafinsa ragi ne da tarawa:

```
garabasa = girman da aka auna − MMC
jimillar sassauci = sassaucin zane + garabasa
```

Idan aka bi girman ramin daga ƙasa zuwa sama, ga abin da ake samu:

| Girman rami | Garabasa | Jimillar sassauci |
|---|---|---|
| 2.40 | 0.00 | 0.20 |
| 2.42 | 0.02 | 0.22 |
| 2.46 | 0.06 | 0.26 |
| 2.50 | 0.10 | 0.30 |

Garabasar tana da rufi. Ba za ta wuce 0.10 ba, domin iyakar tazarar da ke tsakanin 2.40 da 2.50 ke nan. Ramin da ya wuce 2.50 bai sami ƙarin garabasa ba, ya faɗi ne a gwajin girma.

## Dalilin da ya sa wannan ba alfarma ba ce

Mai karatu na iya zargin cewa an sassauta wa masana'anta ne don a rufe kuskurenta. Lissafi yana nuna ba haka ba ne. A kowane layi na jadawalin, a cire jimillar sassauci daga girman ramin. 2.40 a cire 0.20 ya bar 2.20. 2.46 a cire 0.26 ya bar 2.20. 2.50 a cire 0.30 ya sake barin 2.20. Lambar ba ta motsi.

Wannan 2.20 ita ce iyakar haɗuwa. Ma'anarta ita ce a kowane ainihin matsayi akwai wani fili mai siffar bututu, faɗinsa 2.20, wanda bangon ramin ba zai taɓa shiga cikinsa ba. Ƙaramin rami sai ya tsaya kusa da tsakiya kafin ya bar wannan fili a buɗe. Babban rami kuwa yana iya gusawa sosai kuma filin yana nan. Abin da ke gaban mai zanen shi ne filin, ba tsakiyar ramin ba.

Daga ina 2.20 ta fito? Daga ɗaya ɓangaren. Notin M2 kaurinsa bai wuce 2.00 ba. Ana murɗa shi cikin rami mai zare a jikin na'urar, shi ma wancan ramin yana da tasa kaucewar. Idan an ba shi sassaucin 0.20, to notin yana iya mamaye fili har 2.00 a tara da 0.20, wato 2.20. Filin da faifan ya bari da filin da notin ke buƙata sun yi daidai. Ko kayan biyu sun fito a mafi munin yanayinsu, notin zai shiga.

## Auna ramuka huɗu

Yanzu an kawo faifai ɗaya daga cikin waɗanda aka huda. Kowane rami ana yi masa tambayoyi uku a jere. Girmansa yana cikin iyaka? Nawa ne jimillar sassaucinsa? Nawa ya kauce?

Tambaya ta uku tana buƙatar ɗan lissafi. Injin awo yana ba da inda tsakiyar ramin take ta fuska biyu, X da Y. Ana cire ainihin matsayi daga abin da aka auna don a sami bambancin kowace fuska. Bambance-bambancen biyu sun zama ƙafafun alwatika mai kusurwar digiri 90, nisan kai tsaye kuma shi ne dogon gefenta, kamar yadda ka'idar Pythagoras ta nuna a darasin lissafi na sakandare. Daga nan sai a ninka sau biyu, domin sassaucin zanen dayamita ne:

```
kaucewa = 2 × √(dx² + dy²)
```

Rami na farko. Girmansa 2.46, yana cikin iyaka. Garabasarsa 2.46 a cire 2.40, wato 0.06, jimillar sassauci 0.26. An auna tsakiyarsa a X 10.09 da Y 6.08, alhali ainihin matsayi 10 da 6 ne. Bambancin 0.09 ne da 0.08.

```
0.09² + 0.08² = 0.0081 + 0.0064 = 0.0145
√0.0145 = 0.1204
2 × 0.1204 = 0.241
```

Kaucewar 0.241 ce, abin da aka halatta kuma 0.26. Ramin ya ci gwaji. A lura da cewa mai duba kayan da ya tsaya a kan 0.20 na zanen kawai zai ce ya faɗi, ya jefar da faifan da ba shi da aibi.

Rami na biyu. Ya kauce daidai da na farko, 0.09 da 0.08, don haka kaucewarsa 0.241 ce shi ma. Sai dai girmansa 2.42 ne. Garabasarsa 0.02, jimilla 0.22. Tunda 0.241 ta fi 0.22, ya faɗi. Ramuka biyu, kaucewa ɗaya, hukunci daban, kuma girma ne kaɗai ya raba su. A nan ne mantawa da ninkawa ke cutarwa: wanda ya tsaya a 0.1204 zai ga ta gaza 0.22 nesa ba kusa ba, ya sa hannu cewa ramin lafiya lau.

Rami na uku. Girmansa 2.50, a bakin iyaka amma bai wuce ba. Garabasarsa cikakkiya ce, 0.10, jimilla 0.30. Ya gusa 0.12 zuwa hagu da 0.05 zuwa sama. Ko bambancin ya zo da alamar ragi babu damuwa, domin ninka lamba da kanta yana kawar da ita. 0.0144 a tara da 0.0025 ya ba da 0.0169, tushensa 0.13, ninki biyu 0.26. Ya ci gwaji, duk da cewa ya fi na biyu kaucewa.

Rami na huɗu. Tsakiyarsa kusan a kan ainihin matsayi take, amma girmansa 2.53. Ba a ma kai ga lissafin garabasa ba. Ya wuce 2.50, ya faɗi tun a tambayar farko. Noti zai shiga cikinsa, amma iyakar sama tana da nata aikin: kan notin yana buƙatar ƙarfen da zai danne, kuma bangon da ke tsakanin rami da gefen faifan bai kamata ya sirance ba.

Akwai hanyar tabbatar da lissafi cikin sauri. A cire kaucewa daga girman ramin, a kwatanta da 2.20. Na farko: 2.46 a cire 0.241 ya bar 2.219, ya haura. Na biyu: 2.42 a cire 0.241 ya bar 2.179, ya gaza. Idan hanyoyin biyu suka ba da hukunci daban, akwai kuskure a lissafin.

Wannan hanya tana nuna wani abu mai amfani ga masana'anta. Rami na biyu yana da magani. Yana buƙatar girman 2.20 a tara da 0.241, wato 2.441 ko sama. Idan aka ƙara buɗe shi zuwa 2.46 ba tare da tsakiyarsa ta ƙara gusawa ba, ya dawo cikin ka'ida. Rami na huɗu kuwa ba shi da magani, domin ƙarfen da aka cire ba ya dawowa. Shi ya sa wannan faifan zai tafi shara, amma da matsalarsa rami na biyu ne kaɗai, da an cece shi.

Duk lissafin yana yiwuwa a waya. A Google Sheets ko Excel, idan girman da aka auna yana A2, bambancin X yana B2, na Y yana C2, wannan layi zai ba da hukunci:

```
=IF(AND(A2>=2.4,A2<=2.5,2*SQRT(B2^2+C2^2)<=0.2+(A2-2.4)),"YA CI","YA FADI")
```

## Wane girma ne ake sakawa a lissafi?

Lissafin yana da sauƙi, amma ingancinsa ya rataya ne a kan lambar da aka kira girman da aka auna. Rami na gaske ba cikakkiyar da'ira ba ce. Yana iya fitowa kamar ƙwai, ko ya fi faɗi a baki ya tsuke a ƙasa. Girman da ake amfani da shi wajen garabasa shi ne na sanda mafi kauri, miƙaƙƙiya kuma mai cikakkiyar da'ira, da za ta iya ratsa ramin duka.

A ce an auna wani rami ta fuska ɗaya an sami 2.48, ta ɗaya fuskar an sami 2.43. Wanda ya ɗauki babbar lambar zai ba ramin garabasar 0.08. Amma sandar da za ta ratsa shi ba za ta wuce 2.43 ba, don haka garabasar gaskiya 0.03 ce. Noti bai damu da inda ramin ya fi faɗi ba, inda ya tsuke ne ke tare shi. Saboda wannan ne ake auna ƙananan ramuka da jerin sandunan geji, waɗanda kaurinsu ke ƙaruwa kaɗan-kaɗan, a ga wacce ce ta ƙarshe da ta shiga ba tare da dannawa ba. Kalifa ba ta dace da rami mai milimita biyu da rabi ba, domin tana taɓa wuri biyu ne kawai. Kafin awo kuma sai an cire ɓarɓashin ƙarfen da ya maƙale a bakin ramin, in ba haka ba ramin zai nuna ya fi yadda yake ƙanƙanta.

Haka ma matsayin. Idan faifan yana da kauri, auna tsakiyar ramin a baki ɗaya bai isa ba. Ramin da ya karkace yana iya zama daidai a sama ya fita daga yankin sassauci a ƙasa. Ana auna duka ƙarshen biyu, a ɗauki wanda ya fi kaucewa.

Inda ake yin kaya dubu-dubu, ba a cika tsayawa lissafin kowane rami ba. Ana ƙera gejin gwaji: shimfiɗaɗɗen ƙarfe mai wakiltar A, da wuraren jingina masu wakiltar B da C, da turaku huɗu masu kaurin 2.20 a tsaye a ainihin matsayi. Faifan da ya zauna a kan turakun yana taɓa madogaransa uku, matsayin ramukansa ya yi. Gejin ya riga ya ƙunshi garabasar a jikinsa. Amma yana da iyaka biyu. Ba ya gane ramin da ya yi girma fiye da kima, don haka rami na huɗu zai wuce shi salin-alin, sai an auna girma daban. Kuma ba ya faɗin nawa aka kauce, ballantana a gane injin ya fara zamewa tun kafin ya fara ɓata kaya. Ka'idar ASME ta ce idan lissafin layin tsakiya da gwajin bangon rami suka saɓa, abin da ke iya faruwa ga rami mai mummunar siffa, na bango ne ke da rinjaye.

## Idan turke ne ba rami ba

Wasu sassan suna da ƙananan turaku da ke shiga ramuka don daidaita zama kafin a ɗaure noti. A ce an ba turke girman 1.48 zuwa 1.50 da sassaucin matsayi Ø0.05 Ⓜ. MMC ɗinsa 1.50 ne, mafi kauri. Garabasa tana zuwa ne idan ya sirance, don haka ragin ya juya: MMC a cire girman da aka auna. Turken da ya fito 1.485 yana da garabasar 0.015, jimillar sassaucinsa 0.065. Iyakar haɗuwarsa kuwa tarawa ake yi, 1.50 da 0.05, wato 1.55. Idan lissafin garabasa ya ba da lamba mai alamar ragi, ko dai an juya MMC ne, ko kuma sashen ya fita daga iyakar girma.

## Wuraren da babu garabasa

Idan akwatin bai ɗauke da Ⓜ bayan lambar sassauci ba, babu garabasa ko kaɗan. Sassaucin 0.20 ne ko ramin 2.40 ne ko 2.50. Da haka zanen faifan yake, da rami na farko da na uku duk sun faɗi. Mai zane yana barin Ⓜ da gangan ne a inda zama a tsakiya ya fi shiga kawai muhimmanci, kamar mazaunin gilashin kyamara da dole ya fuskanci na'urar ɗaukar hoto daidai. A irin wannan wuri, ƙarin sarari ba alheri ba ne, girgiɗi ne.

Idan alamar Ⓛ ce, wato L a cikin da'ira, akwai garabasa amma ta juya baya. Ana lissafa ta daga yanayin da ƙarfe ya fi ƙaranci, wanda ga rami shi ne mafi faɗi. Ana amfani da ita ne don kare kaurin bango, ba don tabbatar da haɗuwa ba.

Sai kuma tarko mafi wahalar ganewa. Wani lokaci Ⓜ tana bayyana bayan harafin madogara, misali `B Ⓜ`, idan madogarar ita kanta rami ce ko turke. Wannan ba garabasa ba ce, kuma ba a tara ta a kan sassaucin kowane rami. Abin da take bayarwa shi ne damar a ɗan motsa faifan gaba ɗayansa a kan geji, gwargwadon sararin da ke cikin ramin madogara. Ramukan huɗu tare suke motsawa. Idan biyu sun kauce hagu biyu sun kauce dama, motsin da ya taimaki ɓangare ɗaya zai cutar da ɗayan. Wanda ya tara wannan sarari a kan garabasa zai amince da faifan da ba zai zauna ba.

Akwai kuma zanen da ke tsorata masu koyo, inda aka rubuta `Ø0 Ⓜ`. Ba yana nufin an hana kuskure ba. Da an rubuta zanen faifan da girman rami 2.20 zuwa 2.50 da sassaucin sifili a MMC, iyakar haɗuwa tana nan a 2.20, sai dai duk sassaucin ya koma garabasa. Ramin 2.46 zai sami 0.26 kamar dā. Bambancin shi ne ramin 2.35, wanda zanen farko zai ƙi saboda ƙanƙanta, yanzu ya karɓu muddin kaucewarsa ba ta wuce 0.15 ba, domin noti zai shiga cikinsa.

Ga wanda yake son ya gwada hannunsa: rami mai girman 3.20 zuwa 3.32, sassaucin matsayi Ø0.15 Ⓜ, an auna shi 3.27, ya gusa 0.06 ta X da 0.08 ta Y. MMC ɗinsa 3.20 ne, garabasarsa 0.07, jimillar sassauci 0.22, kaucewarsa 0.20, don haka ya ci gwaji. Idan aka cire Ⓜ daga akwatin, wannan ramin dai ya faɗi da tazarar 0.05.